Kira 120 a allo, aiki 10 a shago: wa ke yi mana ƙidaya?



Wata sabuwar sana'a ta shigo garuruwanmu, daga Maraɗi zuwa Damagaram, Tawa har Yamai. Samari ne masu ilimin waya, suna bin gareji-gareji da shagunan gyara da ƙananan kilinik, suna cewa mai wuri: "Alhaji, kawo mu ɗora ka bisa taswirar Google, mu yi maka talla mai maɓallin kira, mutane su riƙa bugo maka kai tsaye." Idan wata ya ƙare sai yaron ya dawo da hoton allo, ya nuna wani adadi da aka rubuta ƙarƙashin "Appels" ko "Conversions", ya ce ga masu cinikin da na kawo maka, a sabunta. Mai shago ya dubi adadin, ya dubi aljihunsa, ya ga ba su san juna ba, amma ya rasa ta inda zai kama maganar tunda shi ba ya karanta allon.

Mu a nan ba mu ƙi sana'ar ba, kuma yawancin yaran nan ba maƙaryata ba ne, abin da allo ya nuna musu suke nunawa. Abin da muke cewa shi ne adadin nan bai isa a biya kuɗi a kansa ba, kuma a ƙasarmu ya fi rashin isa bisa ga ƙasashen da aka ƙera abin dominsu.

Abubuwa biyu ne ake cakuɗawa. Na farko shi ne shafin shago bisa taswira, wanda sunansa Google Business Profile. Wannan kyauta ne. Ana sa sunan wuri, da irin aikinsa, da lokacin buɗewa da rufewa, da hotuna, da lambar waya, sai a dasa alama daidai inda shagon yake. Wanda ya nemo ka zai ga maɓallin "Appeler" da na "Itinéraire". A gari irin namu, inda kwatance yake "bayan masallaci, ka wuce mai shayi, ƙofa mai shuɗin fenti", wannan alama kaɗai ta biya wahalar da aka sha wajen sa ta. Na biyu shi ne talla ta kuɗi, a Google ko a Facebook, wadda ke ɗauke da lambar wayarka. A Google, duk lokacin da wani ya danna maɓallin kiran da ke jikin tallar, an cire maka kuɗi.

To me ake ƙirgawa? A shafin taswira, adadin da ake kira "Appels" yawan dannawar da aka yi wa maɓallin ne. Kowa ya gwada da wayarsa ya gani: idan ka danna, wayar ba ta bugawa nan take, lambar take fito maka da ita a wurin buga kira, sai ka sake danna koren maɓalli. Tsakanin dannawa ta farko da ta biyu akwai wanda ya ga ba shi da kiredi, akwai wanda lambar kawai yake so ya ajiye, akwai yaron da ya ɗauki wayar uwarsa yana wasa, akwai wanda yatsa ya zame masa. Duk sun shiga lissafi.

A wajen talla, Google yana da hanyar da yake sanin kira na gaskiya. Yakan ɓoye lambarka, ya nuna wata lamba tasa wadda ke tura kiran zuwa gare ka. Da yake kiran ta hannunsa ya bi, ya san ko an ɗauka, ya san daƙiƙa nawa aka yi. Daga nan sai a sa iyaka: kiran da ya kai tsawon kaza shi ne za a ƙirga a matsayin "Conversion", wato talla ta haifi abin da ake nema. Iyakar da aka saba tararwa ita ce daƙiƙa 60, mai talla yana iya canza ta. Amma waɗannan lambobin turawa a wasu ƙasashe kaɗai ake samunsu, irin su Faransa da Amurka da Afirka ta Kudu. Nijar ba ta ciki. Ke nan duk adadin kiran da aka nuna wa mai shago a Sabon Gari ko a Zango, dannawa ce aka ƙirga, ko kuma kintace ne na na'ura. Babu wanda ya ji wayar ta yi ƙara.

Kuma ko da a ce gobe an kawo mana lambobin, mizanin minti ɗaya ba namu ba ne. Mu da muke fara waya da ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina zafi, minti guda yana ƙarewa ba a kai ga maganar da ta sa aka buga ba. Wanda ya yi kuskuren lamba ma sai an gaisa da shi cikin mutunci kafin a gane. A ɗaya gefen kuma, mai ciniki na gaske wanda kiredinsa ya kusa ƙarewa cewa yake: "Kana shago? To ga ni nan tahe." Daƙiƙa goma sha biyar, ya kashe, kuma shi ne zai zo da kuɗi a hannu. Ga kuma mai bif, wanda zai bari ta yi ƙara sau ɗaya ya katse don a kira shi. A idon na'ura wannan kiran banza ne. A idon wanda ya san garin, mutum ne yake cewa ina da buƙata, ba ni da kiredi.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi da lissafi. Adadin namu ne muka tsara don a ga yadda ake bin sawun abin, kowa ya sa nasa a wurinsu.

Mai gyaran firigo da kilim ne a Maraɗi, yana da yara biyu da babur ɗaya. A watan Afrilu, tsakiyar zafi, ya ba da jaka 30 a sa a talla, ya ba yaron da ya haɗa masa jaka 10 ladan aikinsa. Ƙarshen wata allo ya ce kira 120. Yaro ya raba jaka 30 gida 120, ya ce: "Ka gani, dala 50 kacal kowane mai ciniki." Idan haka ne, ai babu ciniki mai araha kamar wannan a duk kasuwa.

Sai dai mai gyaran ya yi dabara ɗaya tun farko. Ya sayi sabon sim, ya sa shi a wata ƴar ƙaramar waya, kuma lambar nan ba ta jikin allon shago, ba ta jikin katinsa, tallar kaɗai ke ɗauke da ita. Saboda haka duk kiran da ya shigo wayar nan an san ta inda ya biyo. Da aka buɗe jerin kiran da suka shigo, sai aka ƙirga 70. Hamsin sun ɓace tun kafin a fara, su ne masu dannawar da ba ta zama kira ba, da waɗanda suka buga lokacin da rezo ya ɗauke ko wayar ta mutu don babu wuta. An biya kuɗinsu duka.

A cikin 70 ɗin, 22 ba a ɗauka ba. Wasu sun shigo yana bisa tsani yana kwance kilim, wasu lokacin sallar Juma'a, wasu bayan sha ɗayan dare, lokacin da zafi ya hana mutum barci ya tuna kilim ɗinsa ba ya sanyi. Saura 48 da aka yi magana da su. Yaron shago yana da littafi irin na ƴan makaranta, kowane kira ya ja masa layi ɗaya: rana, lokaci, unguwa, abin da ake so, da yadda aka ƙare. Daga littafin aka ga 14 tsofaffin masu ciniki ne, ko kuma mutum ɗaya ne ya sake bugowa yana tambayar ina aka kwana. Tsohon mai ciniki da ya rubuta sunan shagonka don ya samo lambarka, ya ga tallar a sama ya danna, wannan naka ne tun da, kuɗi kawai ka biya don ya gaishe ka. Wasu 10 kuma ba aikinsa suke nema ba: mai son sayen firigo na hannu, mai neman a ɗauke shi koyon aiki, da masu bugowa daga nesa inda babur ba zai je ba. Suka rage 24, sababbin mutane masu matsalar gaske. Aka yi ciniki, wasu suka ji kuɗin ɗura gas suka ce sai sun yi shawara. Waɗanda aka je aka yi wa aiki suka biya, 10 ne.

Yanzu a sake rabawa. Jaka 30 gida 10, jaka 3 ke nan kowane aiki, ba dala 50 ba. Ninki goma sha biyu. Idan abin da ke rage masa a kowane aiki, bayan an cire kuɗin kaya da man babur, jaka 4 ne, to aiki 10 sun kawo jaka 40. A cire 30 na talla, a cire 10 na yaro. Ba ko dala. Wata guda cur yana hawa tsani cikin rana, ya yi wa Google da mai haɗa talla aiki.

Wani zai ce to ai shi ke nan, a bar tallar. Mu ba nan muka nufa ba, don littafin nan da ya tona asirin adadin shi ne kuma ya nuna inda ribar ta maƙale. A dubi 22 ɗin da ba a ɗauka ba. An riga an biya kuɗinsu, lambobinsu suna nan cikin waya. Idan cikin 48 da aka amsa an samu aiki 10, wato kusan ɗaya cikin biyar, to cikin 22 ana iya sa ran aiki 4, jaka 16 ke nan, kuma abin da za a kashe bai wuce kiredin kiran su ba. Sharaɗin shi ne a kira da wuri. Matar da ke sayar da ƙanƙara da lemun ɗauri, firigonta ya tsaya da safe, ba za ta jira ka har la'asar ba, jarinta ne ke narkewa. Kafin ka sauko daga tsani ta kira na gaba. Don haka wayar talla ba aljihun maigida ya kamata ta zauna ba, hannun wanda ke zaune a shago ya kamata, wanda aka koya wa tambaya uku: wace unguwa, me ya lalace, yaushe za a same ku gida.

Sauran ɓarnar kuma a cikin saitin tallar take, kuma gyaranta bai kai minti goma ba ga wanda ya sani. Ana iya tsara wa talla ranaku da awoyin da za ta fito. Wanda ba ya ɗaukar waya bayan isha'i ba shi da dalilin biyan dannawar tsakar dare, haka ma tsakar ranar Juma'a. Sai maganar wuri. Google yana da zaɓi biyu, kuma wanda yake zuwa a kunne shi ne "Présence ou intérêt". Ma'anarsa, tallar tana iya fitowa ga wanda ke cikin Maraɗi, da kuma wanda ke wani wuri amma ya nuna sha'awar Maraɗi, ko yana Yamai ko yana Agadas. Ga otel ko kamfanin sufuri wannan daidai ne. Ga mai gyara a babur, "Présence" ya kamata a zaɓa, wato waɗanda ke cikin yankin ko suke yawan zama cikinsa. A kuma lura da faɗin da'irar da aka zana. Daga Maraɗi zuwa iyakar Ɗan Isa ba wata tafiya ba ce, wanda ya ja da'ira mai faɗi don ya ga adadi ya yi yawa, sai ta leƙa Jibiya ta nufi Katsina. Ƴan uwanmu ne, harshenmu ɗaya, za su ga tallar su fahimta su danna, amma ba za a tsallaka iyaka da kwalbar gas don gyaran firigo ɗaya ba. Lambar da ta fara da +234 a wayar talla alama ce ta a je a duba da'irar.

Abu ɗaya game da sabon sim ɗin: Google yana so ya tabbatar lambar da ke jikin talla ta mai tallar ce, yawanci ta hanyar ganin ta a shafin intanet ɗin da aka haɗa da tallar. Sai a sa ta can. Amma a taswira a bar tsohuwar lambar da kowa ya sani, kada a riƙa canza ta kamar riga.

Akwai kuma tambayar da ko littafin ba ya amsawa shi kaɗai. A watan Afrilu wane mai gyaran firigo ne wayarsa ba ta ƙara? Mai yiwuwa wasu daga cikin mutum 10 ɗin nan da sun same shi ko babu talla, ta taswirar kyauta ko ta bakin maƙwabci. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, sai dai tana son haƙuri: a kashe tallar mako biyu, a kunna ta mako biyu, cikin yanayi ɗaya, a ƙirga aikin da aka yi aka biya a duk wayoyin shagon gaba ɗaya. Idan aiki bai ragu ba da aka kashe, an samu amsa. Abin da ba a yi shi ne a gwada Afrilu da Disamba, a ce talla ce ta kawo bambanci, alhali sanyi ne ya sa kowa ya manta da kilim.

A kilinik lissafin iri ɗaya ne, amma abin da ke kan layi ya fi kuɗi nauyi. Daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin zazzaɓin cizon sauro, kowace kilinik cike take, don haka duk wanda ya fara talla a Agusta zai ga kira ya hau ya zaci aikinsa ne. Wannan ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce abin da aka rubuta a taswira. Muna ganin wurare da aka sa musu cewa a buɗe suke dare da rana, don kawai a fi fitowa idan an nema, alhali da ƙarfe goma mai gadi kaɗai ya rage, wayar kuma tana kulle cikin durowar sakatare. Uba ya tashi ƙarfe biyun dare, yaro jiki ya yi zafi yana fizge-fizge, ya danna "Appeler" sau uku ba a ɗauka ba, ya danna "Itinéraire" ya ɗauki yaron a babur ya tarar da ƙofa a rufe. A allon mai talla wannan dare ya yi kyau, an samu dannawa huɗu. Minti talatin ɗin da uban ya ɓata kuwa, da ya nufi babban asibiti kai tsaye da ya isa. Wanda ba ya aikin dare ya rubuta gaskiyar lokacinsa. Wanda yake yi, ya sa lambar da ke hannun mai jinyar da ke kwana, ba ta lokotoron da ke barci a gida ba.

Littafin kilinik kuma ba irin na mai firigo ba ne. A rubuta lokaci, da ko sabon zuwa ne, da ko ya zo, ya isa. Suna da irin ciwo ba su da wuri a littafin da za a miƙa wa mai haɗa talla. Shi jimilla kawai yake buƙata: an kira sau kaza, an amsa kaza, sun zo kaza. Sirrin marar lafiya bai zama na kowa ba don kawai ta waya ya fara magana.

To yaya za a yi da yaran da ke wannan aiki? Mu dai ra'ayinmu a daina ɗaura ladansu a kan adadin allo. Duk wanda aka ce za a biya shi bisa yawan dannawa, an koya masa ya faɗaɗa da'ira, ya bar talla tana gudu dare da rana, ya sa kalmomin da za su jawo kowa da kowa. Ba sai ya yi niyyar cuta ba, tsarin biyan ne ke tura shi. A yanka masa lada tsayayye na wata, a ƙara masa wani abu bisa kowane sabon aiki da littafi ya tabbatar. Ranar lissafi a zauna da abu uku a gaba: allonsa, da wayar talla, da littafin shago. A nemi ya nuna nawa ne ainihin abin da ya shiga tallar, don shi ma a rubuce yake a allon, kusa da adadin da yake so a gani. Yaron kirki zai yi murna da wannan, don shi ne zai raba shi da masu hoton allo kawai.

Kuma tun ranar farko a tambaya: da adireshin imel ɗin wa aka buɗe shafin taswirar? Google ya bambanta mai mallakar shafi da wanda aka ba izinin kula da shi. Mai shago ne ya kamata ya zama mai mallaka, yaron a ƙara shi a matsayin mai kula. Idan aka yi akasin haka, ranar da aka ɓata, ko yaron ya tafi Aljeriya neman kuɗi ya canza waya, shafin da hotunansa da duk yabon da masu ciniki suka rubuta sun tafi tare da shi, karɓo su kuwa doguwar hanya ce. Ko shafin yana hannunka ma, kowane mai amfani da taswira yana iya danna "Suggérer une modification" ya ba da shawarar a canza lamba ko lokaci, kuma wani lokaci canjin yakan hau ba ka lura ba. Sau ɗaya a mako, a ɗauki wayar wani, a nemo shagon kamar baƙo, a danna maɓallin, a tsaya a ji ko wayar da ke kan teburin ce ta yi ƙara.